Gurbin da ba a cike ba a foldar asibiti: kurakuran da na gaji da gyarawa a R

Duk shekara sai an kawo min aikin bincike da aka tattaro daga tsofaffin foldojin marasa lafiya, kuma kusan kullum a wuri ɗaya ake tuntuɓe. Ba ka nan lokacin da aka rubuta foldar, likitan da ya rubuta kuma aikin jinya yake yi, bincikenka bai ma zo masa a rai ba. Saboda haka giɓi dole ne. Yadda ake ɓoye shi ne yake ɓata min rai.

Babban kuskure shi ne mayar da shiru ya zama "a'a". An buɗe foldar mai ciki da aka kwantar saboda hawan jini, ba a ga an rubuta komai game da ciwon suga ba, sai mai tattara bayanai ya rubuta babu. Wa ya ce maka babu? Wataƙila an tambaye ta ta ce ba ta da shi, wataƙila kuma da tsakar dare aka kawo ta tana jijjiga, ba wanda ya samu sukunin tambaya. Da zarar ka haɗe waɗannan biyun, babu umarnin R da zai sake raba su, sai dai ka koma ɗakin ajiyar folda ka faro daga farko. Na ga ɗalibin da aka mayar can ana gab da kare aikinsa, har yau ina jin takaicin abin. Ni a fom ɗina zaɓi uku nake sawa: akwai, babu, ba a rubuta ba. Na ukun ne yake zama `NA`.

Na biyu, R ba ya tsayawa ya yi maka gargaɗi. Mu ɗauka kana da folda 400. Guda 150 ba su da sakamakon gwajin ƙoda, wato `creatinine`, 60 ba a auna nauyinsu ba, 30 daga ciki kuma sun rasa duka biyun. Idan ka sa bayanan biyu a `glm()`, zai jefar da mutum 180 ya yi lissafi da 220, alamar kawai ɗan layi ne a ƙasan `summary()` mai cewa `180 observations deleted due to missingness`. Sai ka ga an rubuta 400 a saman teburin sakamako. Wannan ba gaskiya ba ne, ko da ba da gangan aka yi ba.

Kuma su wa aka jefar? Ba ƙuri'a ce ta fitar da su ba. Wadda ba ta da kuɗin gwaji tana ciki, haka wadda ta rasu kafin a ɗebi jininta, da wadda likita ya ga jikinta da sauƙi bai nemi gwajin ba. In dai mace-mace kake nazari, ka iya zubar da ainihin matan da kake nema. Kafin in gina komai, wannan nake fara yi:

```r
d <- read.csv("folda.csv", na.strings = c("", "NA", "-", "999"))
colSums(is.na(d))
table(is.na(d$creatinine), d$mutuwa)
```

Teburin ƙarshen nan ka zauna ka karance shi da kyau. Idan kason waɗanda suka rasu ya bambanta sosai tsakanin masu gwaji da marasa gwaji, to 220 ɗin nan ba sa wakiltar 400. Bayan ka gama lissafi kuma, `nobs(fit)` zai faɗa maka mutum nawa aka yi amfani da su.

Ƙananan kuwa: kada ka bar 999 da ake sawa a gurbin da ba a cike ba ya shiga lissafin matsakaici. Kada ka cike giɓi da matsakaicin sauran, domin yana sa sakamako ya yi kamar ya fi tabbas alhali ba haka ba ne. `table()` ma yana ɓoye `NA` sai ka ƙara `useNA = "ifany"`.

Masu rugawa ga `mice`, kunshin R na cike giɓi, kamar shi ne maganin komai, ku dakata. Yana ƙiyasta abin da ya ɓata ne bisa zaton cewa sauran bayanan da ke hannunka sun isa su bayyana dalilin ɓatan. Idan dalilin talauci ne kuma ba ka da komai a kan halin aljihun majiyyaciya, zaton ya yi rauni. In zan yi amfani da shi, ina barin `mutuwa` a cikin bayanan da yake ƙiyasi da su, kuma ba na yarda da kwafi 5 da yake bayarwa da kansa. Ga giɓin kashi 45 cikin ɗari kamar namu, `m = 50` nake sawa, in haɗa da `pool()`.

Wajen rubuta rahoto, ƙa'idar STROBE, wadda ke tsara rahoton irin wannan bincike, ta nemi a faɗi adadin waɗanda suka rasa kowane bayani, da yadda aka yi da giɓin. Ni ina ƙarawa da folda nawa na nema, nawa aka samo min, domin foldar da ta ɓata gaba ɗaya ba za ta taɓa bayyana a `is.na()` ba. Sannan in ajiye sakamakon mutum 220 kusa da na `mice` a teburi ɗaya. Idan sun saba wa juna, in rubuta hakan ƙarara a taƙaitaccen bayanin farko, ba a shafin ƙarshe ba.