Yadda ake gane tikitin bogi da kuma tantance tarihin mai sayar da wasa

Yawancin waɗanda masu sayar da hasashen wasan caca ke damfara suna faɗawa ne a wuri ɗaya: sun ga hoton tikitin da ya ci, sun tsaya suna ƙare masa kallo ko na gaske ne, daga nan suka yanke hukunci. To, hoto ba ya zama hujja ko da na gaske ne. Abin da zai nuna maka ko mutum ya iya hasashe shi ne lissafin duk wasannin da ya bayar kafin a take leda, wanda kai ka rubuta da hannunka. Amma bari mu fara da hoton, tunda shi ake fara turo maka.

Mataki na farko: duba hoton, amma kar ka daɗe a kansa

A kwamfuta, duk wanda ya buɗe shafin kamfanin caca ya danna F12, ko ya zaɓi Inspect, zai iya sauya kowane rubutu da ke kan allonsa. Zubin 100 ya koma 100,000, wasan da ya faɗi ya koma wanda ya ci, kuma rubutun zai fito da siffar shafin sak, domin shafin ne da kansa. Shi ya sa neman harafin da ya karkace ko launin da bai dace ba ba ya kama kowa sai rago. Bidiyo ma haka yake, ana gyara shafin sannan a ɗauka.

Abin da ya fi kama su shi ne lissafi. A tikitin haɗaka, wato wanda aka haɗa wasanni da yawa a cikinsa, ana ninka od ɗin wasannin ne da juna, od kuwa shi ne lambar da ake ninka zubinka da ita idan ka ci. Idan akwai wasa huɗu masu 1.50, 1.80, 2.10 da 1.65, jimillar ita ce kusan 9.36, don haka zubin 1,000 zai dawo da kusan 9,356, sai in akwai garaɓasa, ita kuma a layinta daban ake rubuta ta. Mai gyaran da ya yi garaje yakan sauya zubi da kuɗin da aka ci, ya manta da garaɓasar, ko ya sauya wasa ɗaya ya bar jimillar od yadda take. Sai ka duba lokacin da aka yanki tikitin da lokacin da wasan farko ya fara. Sai lambar tikiti: wasu kamfanoni suna da wurin da ake shigar da ita a ga tikitin. Kar ka haɗa ta da lambar ajiye wasa wadda ake rabawa mutane su loda, ita wannan ba ta nuna an sa ko sisi. Idan an rufe lambar tikiti da sunan wai tsaro, a ganina magana ta ƙare.

Ko da komai ya yi daidai, akwai dabarar da ba ta buƙatar gyara ko kaɗan. Mutum ya yanki ƙananan tikiti goma sha biyar a wasa ɗaya, kowanne da nasa sakamakon, 1-0, 2-0, 2-1, 1-1 da sauransu. Ɗaya ya ci, ya nuna shi, sauran goma sha huɗun kuma ba wanda zai gan su. Tikitin na gaske ne, lambarsa za ta buɗe, amma bai gaya maka komai game da iyawarsa ba.

Mataki na biyu: bincika tashar, ko an taɓa tsofaffin saƙonni

A Telegram mai tasha yana iya gyara tsohon saƙo, har ya sauya hoton da ke cikinsa, lokacin da aka fara aikawa kuma ya zauna yadda yake. Sai ka ga saƙon ƙarfe goma na safe ɗauke da sakamakon wasan dare daidai. Alamar da ke saura ita ce kalmar edited a kusa da lokacin. Duk hasashen da ke ɗauke da ita ka cire shi daga lissafi, ko da ya ce kuskuren rubutu ya gyara.

Sharewa ita ma tana barin sawu. Kowane saƙo a tasha yana da lamba a ƙarshen adireshinsa, kuma lambobin a jere suke tafiya. Kwafi adireshin saƙonni biyu da ke bin juna. Idan ɗaya 412 ne na gaba kuma 419, wasu abubuwa sun ɓace a tsakani. Hotunan da aka tura a dunƙule sukan ci lamba fiye da ɗaya, haka sanarwar maƙala saƙo, don haka giɓi ɗaya ba laifi ba ne. Giɓin da ke bayyana kullum bayan dare mai wasanni shi ne abin lura. Wanda kuwa a sitatus na WhatsApp kaɗai yake sa wasanninsa, inda komai ke gogewa bayan awa 24, ba shi da tarihin da za a bincika tun farko.

Ka kuma yi hattara da wanda ya biyo ka ta saƙon sirri da wasa kyauta. A ce ya tura wa mutum 1,024, rabi ya ce musu za a ci ƙwallo uku ko fiye, rabi ya ce ba za a kai uku ba. Dole 512 su ga ya dace. Ya sake raba su, saura 256, sai 128, sai 64, sai 32. Waɗannan 32 sun ga wasa biyar a jere ba kuskure, kuma a ranar ce zai ambaci kuɗin shiga rukunin manya. Idan kana cikinsu ba yadda za ka gane daga naka saƙonnin, sai dai ka ƙi lissafa duk wasan da ba a bainar jama'a aka sa shi ba.

Mataki na uku: rubuta tarihinsa da kanka

Nan ne kusan kowa ke yin sakaci, kuma nan ne aikin yake. Mutane sukan fara rubutawa, bayan mako guda su koma dogaro da taƙaitawar da mai tashar ke fitarwa a ƙarshen wata, alhali ita ce abin da ake son tantancewa.

Da zarar ya sa wasa, tura saƙon zuwa Saved Messages, domin kwafin da ka tura ba ya sauyawa ko ya gyara nasa daga baya. In ya hana turawa, ɗauki hoton allo da agogo a jiki. Sannan ka buɗe shafin kamfanin a lokacin, ka rubuta od ɗin da kai za ka iya samu, ka bar wanda ya rubuta. Wannan bambancin ba ƙarami ba ne. Yakan rubuta 2.10 alhali abin da ke ƙasa 1.85 ne, kuma duk ribar da yake taƙama da ita tana iya zama a cikin wannan ratar. Kar ka sa kuɗi ko kaɗan a wannan lokacin, takarda da biro sun isa, ko jadawali mai layin rana, wasa, zaɓi, od da sakamako. Idan od yana layin D, sakamako a E, inda za ka riƙa rubuta ci, faɗi ko ɗage, wannan zai ba ka ribar kowane wasa:

```
=IF(E2="ci",D2-1,IF(E2="faɗi",-1,0))
```

Ka ɗauki kowane wasa a matsayin zubi ɗaya daidai wa daida, ko me ya ce a zuba. Dalili kuwa shi ne wasu suna ninka zubi bayan kowace faɗuwa, 1, 2, 4, 8, 16, har a ci. A takarda kullum sai ka ga an fita da riba, amma faɗuwa bakwai a jere ta cinye zubi 127, na takwas kuma yana neman 128. Haka nan wasan da aka ɗage ka mayar da zubinsa, kar ka bari a lissafa shi cikin waɗanda aka ci. Kuma komai ya shiga, har wanda ya ce na gwaji ne bayan ya faɗi.

Yanzu ga misali. Wani yana tallar cewa yana cin kashi 70 cikin ɗari, ka bi shi wasa 100, kuma da gaske 70 suka ci. Amma matsakaicin od ɗinsu 1.35 ne. Ka zuba 100, abin da ya dawo shi ne 70 sau 1.35, wato 94.5. Ka yi asarar 5.5 a hannun mutumin da bai yi maka ƙarya ko ɗaya ba. Hanyar gane wannan tun da wuri ita ce raba 1 da od ɗin: a 1.35 sai an ci sama da kashi 74 kafin uwar kuɗi ta dawo, a 1.90 kusan kashi 52.6, a 3.00 kashi 33.3. Saboda haka yawan ci da ba a haɗa shi da od ba, ba lissafi ba ne.

To idan wasa 100 ɗin sun nuna riba fa? Kar ka yi saurin biya. Ɗauki wanda ba ya yin komai sai jefa kwabo, yana zaɓar wasanni masu yiwuwar rabi da rabi a od 1.90. Yana buƙatar cin 53 cikin 100 ya fita da riba, kuma sa'a kaɗai za ta ba shi hakan kusan sau uku cikin goma. A wasa 1,000 yana buƙatar 527, a nan damar ta ragu zuwa kusan ɗaya cikin ashirin. Ke nan cikin tashoshi masu yawa dole a samu waɗanda wata biyu ya yi musu kyau ba da wata iyawa ba. Wasa ƙasa da ɗari biyar ni ban ɗauke su tarihi ba, in kuma masu manyan od ne, sai an fi haka nesa.

Akwai gajeriyar hanya ga wanda ba zai iya jiran wannan ba. Ƙara layi ɗaya, ka rubuta od ɗin zaɓin daf da fara wasa. Idan ya bayar a 2.10 aka rufe a 1.95, kuma haka ke faruwa a mafi yawan wasanninsa, alama ce yana riga kasuwa ganin wani abu. Idan od ɗin rufewa yana daidai da nasa ko ya fi shi, ribarsa sa'a ce. Wannan yakan fito fili da wuri fiye da riba, sai dai ka duba a kamfani babba, domin mabiyansa kaɗai suna iya karya od a ƙaramar gasa.

Mataki na huɗu: daga ina kuɗinsa ke fitowa

Idan ya nace sai ka yi rajista ta adireshinsa ko da lambarsa, to wakilin talla ne, kuma a irin wannan yarjejeniya sau da yawa kasonsa daga asarar waɗanda ya kawo ake cire shi. Shi ya sa yake son tikitin wasa goma sha biyar, domin da wuya irinsa ya ci. Mai cewa yana da wasan da aka sayi sakamakonsa tun kafin a buga kuwa ba ya buƙatar jadawali: da yana da shi, yaɗa shi zai karya od ɗin ya jawo bincike. In ya faɗi zai ce an samu matsala, ka ƙara kuɗi a ba ka na diyya. Shafukan da ke tantance masu hasashe suna da amfani idan su ke rufe zaɓi da od kafin wasa, amma duba ko suna karɓar kaso daga kuɗin rajistarsa, kuma ko mutum na iya rufe asusun da ya faɗi ya buɗe sabo da wani suna. Wanda ya nemi lambar sirrin asusunka don ya buga maka, toshe shi kawai.