Kurakuran da 'yan kasuwa ke yi wajen sayen inshora ta hannun dillali, wakili ko kamfani

Ɗaya daga cikin manyan kurakuran da 'yan kasuwa ke yi a Yamai wajen sayen inshora shi ne rashin tambayar wanda ke zaune gabansu a madadin wa yake magana. Mutum uku ne ke iya sayar maka da takarda iri ɗaya a kan farashi kusan ɗaya, wato ma'aikacin kamfani, da wakilin kamfani wanda ake kira ajan janaral, da dillali wanda ake kira kurtiye, amma ranar da shawarar da aka ba ka ta zama ba daidai ba, ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ba ɗaya ba ce. Dokar da ta tsara wannan ita ce kundin dokokin inshora na CIMA, ƙungiyar da ke tsara harkar inshora a wasu ƙasashen Afirka, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a shekarar 1992, ya soma aiki a 1995, kuma Nijar na cikin ƙasashe 14 da ke aiki da shi.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Wani Alhaji yana da mangaza kusa da kasuwar Katako, inda yake ajiye shinkafa da sukari da man girki. Yawancin shekara kayan da ke ciki ba su wuce na sefa miliyan 20 ba, amma gabanin azumi yakan cika mangazar har su kai na miliyan 40. Da ya zo yin inshorar gobara ya faɗi wannan da bakinsa, sai wanda ya karɓe shi ya ce: "Alhaji, rubuta miliyan 20 kawai, kuɗin da za ka biya ya yi sauƙi, ai da wuya wuta ta cinye komai gaba ɗaya." Cikin Sha'aban wuta ta tashi, ta ci kayan miliyan 16, alhali mangazar na ɗauke da na miliyan 40. Alhaji ya zaci tun da asararsa ba ta kai miliyan 20 ba za a biya shi cif. Sashe na 35 na kundin ya ce idan darajar kaya ranar da asara ta auku ta zarce kuɗin da aka rubuta, ana ɗaukar mai kayan a matsayin wanda ya ɗauki nauyin rarar da kansa, sai dai in an yi wata yarjejeniya daban. Tun da rabin darajar ya rubuta, rabin asarar za a biya shi, wato miliyan 8. Kamfani bai cuce shi a lissafi ba. Tambayar da ta rage ita ce wa zai ɗauki sauran miliyan 8, kuma amsar ta dogara ga matsayin wanda ya ba shi waccan shawara.

Idan wakilin kamfani ne, Alhaji yana da madogara mai ƙarfi. Wakili yana aiki ne da izinin kamfanin da ya naɗa shi, da sunansa yake sayarwa, kuma sashe na 505 ya ɗora wa kamfani alhakin ɓarnar da ta biyo bayan laifi ko ganganci ko sakacin ma'aikatansa da wakilansa yayin da suke wannan aiki, ko da an rubuta akasin haka a wata yarjejeniya. Kuskuren da ake yi a nan shi ne a tafi ana bin wakili shi kaɗai, ana kai ƙararsa wajen dangi da manyan unguwa, a bar kamfanin da doka ta ɗora wa nauyi, wanda kuma shi ne mai ƙarfin biya. Daidai shi ne a rubuta wa kamfanin kai tsaye, a bayyana abin da aka faɗa wa wakilinsa da abin da ya amsa.

Idan dillali ne, lamarin ya juya. Dillali ɗan kasuwa ne mai zaman kansa, kuma a asali mai sayen inshora yake wa aiki: shi ke zagaya kamfanoni ya nemo masa abin da ya dace. Abin da ke ruɗa mutane shi ne kamfani ke biyansa la'ada, sai su ɗauka yaron kamfani ne. Biyan la'ada bai mai da shi wakili ba, don haka idan Alhaji ya je kamfani ya ce ai mutuminku ne ya ce in rubuta miliyan 20, za a amsa masa cewa naka ne, ba namu ba, kuma a yawancin lokuta amsar tana kan doka, in ba a wurin da kamfani ya ba dillalin izini a rubuce na yin wani aiki da sunansa ba, kamar karɓar kuɗi. Wannan ba ya nufin Alhaji ya tashi a tutar babu. Dillalin ne zai amsa, kuma saboda haka ne kundin ya wajabta wa kowane dillali inshorar da ke biyan ɓarnar kurakuran sana'arsa, wadda mafi ƙarancinta sefa miliyan 10 ne. A misalinmu miliyan 8 ta shiga ciki. Amma mai kayan miliyan 200 ya kamata ya nemi ganin takardar wannan inshora tun kafin ya miƙa aikinsa, ya duba adadin da ke ciki da ranar ƙarewarta, domin dillalin da ya tsaya a mafi ƙaranci ba zai iya rufe babbar asara da ita ba. Kada kuma a haɗa ta da jinginar kuɗi da doka ke nema daga masu shiga tsakani, wadda aikinta kare kuɗin da aka damƙa musu ne, ba gyara mummunar shawara ba.

A ganina, ga mai kayan da ke hawa da sauka kamar na Alhaji, dillalin kirki ya fi amfani, domin zai iya kwatanta kamfanoni, kuma ba da shawara shi ne ainihin abin da aka ɗauke shi ya yi. Sharaɗin shi ne ya kasance yana da izinin ministan da ke kula da inshora, kuma ana iya tabbatar da haka a ofishin da ke sa ido kan harkar a ma'aikatar kuɗi, ko ma a wajen kamfanonin kansu.

Wanda ya saya kai tsaye a ofishin kamfani yana ƙarƙashin sashe na 505 ɗin nan, tun da ma'aikaci na kamfani ne. Sai dai ma'aikaci hajar gidansu kawai zai nuna masa, kuma sau da yawa ba shawara yake bayarwa ba, abin da aka faɗa masa yake rubutawa. Idan Alhaji da kansa ya ce miliyan 20, ba tare da ya ambaci zancen azumi ba, babu wanda zai kama.

Akwai mutum na huɗu da bai kamata a manta da shi ba, wato ɗan kamasho da ke kai takardu daga kasuwa zuwa ofis ba tare da izini ko katin sana'a ba. Ba shi da inshorar sana'a, kuma kamfani zai iya cewa bai san shi ba. Wanda ya ɗauki shawararsa ya ɗauki shawarar da da wuya a sami mai biyan diyyarta.

Kuskuren da ya fi duk waɗannan cutarwa shi ne barin komai a baki. Sanin wanda ke da alhaki ba ya amfanar da kowa idan ba a iya nuna abin da ya faɗa ba. A gaban kotun kasuwanci ta Yamai, abin da alƙali zai gani shi ne takardar neman inshora mai ɗauke da miliyan 20 da sa hannun Alhaji a ƙasa, kuma wanda ya ba da shawarar zai ce abin da aka gaya masa ya rubuta. Al'adarmu ta amana tana sa mutum jin nauyin neman rubutu daga wanda ya saba da shi, musamman in abokin mahaifinsa ne, amma a wannan harka kunyar tana da tsada. Gyaran ba shi da wuya. Kafin sa hannu, a aika saƙo a rubuce, ko ta wayar hannu ce, a bayyana cewa kayan suna kai miliyan 20 a yawancin watanni da miliyan 40 gabanin azumi, a nemi a faɗi adadin da ya dace a rubuta da abin da zai faru in wuta ta tashi lokacin da mangazar ke cike. A adana amsar tare da rasitan sayen kaya. Wanda ya san aikinsa zai ba da ɗaya cikin uku: a rubuta adadi mafi girma, ko a ƙara adadin da takardar gyara kafin kayan azumi su iso, ko a nemi kamfani ya yarda a rubuce cewa ba zai rage diyya ba matuƙar rarar ba ta wuce wani kaso ba. Wanda ya ƙi rubuta shawarar da ya faɗa da baki ya riga ya nuna cewa bai amince da ita ba.

Haka nan kada a bar wani ya cika takardar tambayoyi a sa hannu ba a karanta ba. Takardun da Faransanci suke, wanda bai iya ba ya nemi ɗansa ko akawunsa ya karanta masa amsa bayan amsa. Idan an rubuta cewa babu man fetur a mangazar alhali akwai jarkokin injin wuta a ciki, sashe na 19 ya ba kamfani damar rage diyya in ba da gangan aka yi ba, sashe na 18 kuma ya soke inshorar gaba ɗaya in da niyyar ɓoyewa ne, kuɗin da aka biya ma ba za su dawo ba. Wannan ita ce iyakar kariyar: idan Alhaji ya san amsar ƙarya ce ya sa hannu, laifin mai shawara ba zai wanke shi ba, kuma kotu na iya raba alhakin tsakaninsu.

Batun biyan kuɗi gajere ne amma yana kayar da mutane. Tun gyaran 2011, sashe na 13 ya rataya soma aikin inshora a kan biyan kuɗinta, saboda haka maganar "je ka, an rufe ka, ka kawo kuɗin ƙarshen wata" ba ta kare ƙaramin ɗan kasuwa. Ba a yarda mai shiga tsakani ya karɓi tsabar kuɗi fiye da sefa miliyan 1 a kan takarda guda ba, cak kuma da sunan kamfani ake rubuta shi, kuma a karɓi rasit mai nuna sunan kamfanin da ranar biya.

Bayan asara, kada a ɓata kwanaki ana gardama a kan wanda ya yi laifi. A sanar da kamfani a rubuce cikin wa'adin da ke takarda, wanda doka ta ce ba zai gaza kwanakin aiki 5 ba, ko awa 48 in sata ce. Wanda ya sanar da dillali kawai ya nemi shaidar cewa saƙon ya isa kamfani. Haƙƙin neman diyya daga kamfani yana faɗuwa bayan shekara 2, kuma alkawarin baki na "muna dubawa" ba ya tsayar da wannan lissafi. Abin da ke katse shi ya haɗa da wasiƙa mai rajista da shaidar karɓa, ko naɗa ƙwararren da zai kimanta asara, ko shigar da ƙara. Idan dillali ne ake nema, a rubuta masa tun da wuri a nemi ya sanar da kamfanin da ke riƙe da inshorar sana'arsa, a haɗa da kwafin saƙon da aka aika masa kafin sa hannu da amsar da ya bayar.