Yadda ake lissafin raguwar darajar motar kai kaya da aka saya a tsakiyar shekara

A ce gidan burodi ne a Kano ya sayi motar rarraba kaya, kuma yana rufe littafinsa ranar 31 ga Disamba. An biya kuɗin motar a watan Yuni na 2024, amma sai ranar 1 ga Yuli aka gama kafa mata kantoci ta shirya fita aiki. Abin da ake nema shi ne nawa za a cire daga ribar kowace shekara a matsayin darajar da motar ta rasa.

Fara da tantance kuɗin da motar ta ci. Farashinta naira 11,000,000 ne, an kashe 600,000 wajen kawo ta daga Legas, an kashe 400,000 a kan kantocin jera burodi. Jimilla 12,000,000 ke nan, domin duk abin da aka kashe kafin motar ta iya aikin da aka saye ta dominsa yana cikin kuɗinta. Inshora, mai, da sabunta takardu na shekara-shekara ba sa shiga, waɗannan kashe-kashen yau da kullum ne. Bayan wannan sai mai gidan ya yi ƙiyasi biyu: shekara nawa zai mori motar, kuma nawa za ta yi in ya tashi rabuwa da ita. Mu ɗauki shekara 5 da naira 2,000,000.

Sai ranar fara ƙirga. Ƙa'idar akanta ta IAS 16 ta ce ana farawa ne daga ranar da kadara ta shirya yin aiki, don haka Yuli za a kama, a bar ranar biyan kuɗi. Daga Yuli zuwa Disamba wata 6 ne, rabin shekara cif. Wasu wuraren suna da tsarin cire na shekara guda cur a shekarar saye, su ƙi cire komai a shekarar sayarwa. Yana da sauƙi, amma yana ɗora wa 2024 nauyin watannin da motar ba ta ma iso ba. Lissafi da wata ya fi gaskiya.

Hanyoyi biyu za mu duba, raba daidai da kaso kan ragowa. Hanyar raba daidai ba ta da wuya. Cire 2,000,000 daga 12,000,000, saura 10,000,000, raba shi gida 5, kowace shekara ta ɗauki 2,000,000. Shekarar 2024 rabi za ta ɗauka, wato 1,000,000, darajar motar a littafi ta koma 11,000,000. Daga 2025 zuwa 2028 ana cire 2,000,000 duk shekara, darajar ta sauko 9,000,000, sai 7,000,000, sai 5,000,000, sai 3,000,000. Inda aka fi mantuwa shi ne ƙarshe: shekara biyar da ta fara a Yuli 2024 sai a Yuni 2029 za ta cika, saboda haka akwai sauran 1,000,000 da za a cire a 2029. Lissafin yana taɓa shekarun littafi shida.

Hanyar kaso kan ragowa ita ce mai buƙatar natsuwa. A nan ana ɗaukar kaso ɗaya tsayayye, ana ɗora shi kowace shekara a kan darajar da ta rage a littafi. Ba da ka ake zaɓen kason ba, ana fitar da shi ne daga alƙaluman da muka riga muka tsayar:

```
=1-(2000000/12000000)^(1/5)
```

Amsar tana ba da kusan kashi 30.1 cikin ɗari, mu yi aiki da 30. A 2024, kashi 30 na 12,000,000 shi ne 3,600,000, rabinsa 1,800,000, ragowa 10,200,000. A 2025 kan wannan ragowar za a ɗora kason, ya ba da 3,060,000, saura 7,140,000. A 2026 a cire 2,142,000, saura 4,998,000. A 2027 a cire 1,499,400, a 2028 kuma 1,049,580, darajar ta tsaya a 2,449,020.

Kura-kurai biyu ne ke yawan ɓata wannan hanya. Na farko, mutum ya cire 2,000,000 ɗin nan kafin ya ɗora kaso, kamar yadda ya saba a raba daidai. Kuɗin rabuwa ya riga ya shiga cikin kashi 30 tun wajen fitar da shi, cire shi kuma ƙirga shi sau biyu ne. Na biyu, a shekara ta biyu a sake komawa kan 12,000,000. Alamar wannan a fili take: in ka ga adadin cikakkiyar shekara bai ragu daga na bara ba, na baran ma in an auna shi a cikakkiyar shekara, an kauce hanya.

Rabin shekarar 2029 yana da ɗan tarko. Kashi 30 na 2,449,020 na wata 6 yana ba da 367,353, wanda zai bar 2,081,667, ya ɗara abin da aka yi niyya da 81,667. Dalili biyu ne: mun zubar da ɗigon 0.1 na kason, sannan cire kashi 15 sau biyu bai kai cire kashi 30 sau ɗaya ba. Gyaran shi ne a cire 449,020 a shekarar ƙarshe, a sauka daidai kan 2,000,000. Mai aiki da Excel zai iya duba shekarar farko da waɗannan:

```
=SLN(12000000,2000000,5)*6/12
=DB(12000000,2000000,5,1,6)
```

Na biyun zai nuna 1,806,000 saboda yana amfani da 0.301, kada wannan ya tayar da hankali.

Duk hanyar da aka bi, 10,000,000 za a cire a ƙarshe, lokacin cirewar ne ya bambanta. Bambancin yana fitowa sarai in an sayar da motar da wuri. A ce an sayar da ita 6,000,000 a ƙarshen 2026. Littafin raba daidai yana riƙe da 7,000,000, sai ya nuna asarar 1,000,000. Littafin kaso kan ragowa yana riƙe da 4,998,000, sai ya nuna ribar 1,002,000. Kuɗin da ya shiga aljihu ɗaya ne, kuma a duka biyun motar ta ci 6,000,000 cikin shekara biyu da rabi.

Wajen zaɓe, dubi yadda za a mori motar. In zagayenta ɗaya ne kullum, unguwanni ɗaya, nisa kusan ɗaya, raba daidai ya dace da ita, kuma duk wanda ya buɗe littafin zai gane. In kuwa a shekarun farko za a fi wahalar da ita, daga baya ta yawaita kwana a gareji, kaso kan ragowa ya fi kama da gaskiyar lamarin: lokacin da kuɗin bakanike ke hawa, abin da ake cirewa yana sauka. Wanda zai kai littafinsa banki neman rance ya sani cewa hanya ta biyu za ta rage masa ribar 2025 da 1,060,000 fiye da ta farko, sai a 2027 ne abin zai juya.

A sake duba ƙiyasin shekaru da na kuɗin rabuwa a ƙarshen kowace shekara, musamman da yake faɗuwar naira kan ɗaga farashin tsofaffin motoci. In ƙiyasi ya canja, shekarun da suka rage ake gyarawa, ba a taɓa waɗanda aka rufe. Wannan lissafi kuma na littafin kasuwanci ne kawai. Hukumar haraji a Najeriya ba ta karɓarsa wajen rage riba, tana mayar da shi kan ribar sannan ta ba da nata rangwamen kadara bisa kason da doka ta tsara, don haka a buɗe wa haraji shafinsa daban.