Kurakuran da Ke Sa Kaji Yin Ƙwai Mai Siririn Ɓawo da Yadda Ake Gyara Su

Mai kiwon kaji ya shiga ɗaki da safe ɗibar ƙwai, ya tarar da wasu sun fashe a ƙasan keji, wasu kuma da ya ɗauka sai yatsa ya lotsa su, ga wanda ma ba shi da ɓawo sam, fata ce kawai ta lulluɓe shi. Abin da aka saba yi shi ne a garzaya shagon magungunan dabbobi a ce "a ba ni maganin ƙwai". Kuskuren farko ke nan. Sau da yawa kajin lafiyarsu lau, lissafin abincinsu ne ya karkace.

Ɓawon ƙwai kusan dukkansa sinadarin kalsiyam ne da ya haɗu da kabonet, kuma kowane ɓawo yana cinye kalsiyam kamar giram 2. Cikin kaza ba ya tsotse duk abin da ta ci, don haka sai ta samu wajen giram 4 a kullum kafin ta biya wannan buƙata. Shi ya sa abincin leya, wato kaji masu yin ƙwai, yake ɗauke da kalsiyam kashi 3.5 zuwa 4 cikin ɗari, alhali girowa, abincin kaji masu tasowa, bai wuce kashi 1 ba. Wanda kajinsa suka fara ƙwai amma ya ci gaba da ba su girowa don buhunan da ya saya ba su ƙare ba, ba zai daɗe ba zai ga sakamako. Kazar za ta riƙa zaro kalsiyam daga ƙashinta, ɓawo ya yi ta sirancewa, daga baya wasu su gurgunce a keji.

Kuskuren da ya fi yawa a ganina shi ne sirka abinci. Buhu ya yi tsada, sai a zuba dusa ko ɓarzajjen masara don ya yi auki. Mu ɗauki mai kaji 500 a Kano, abincinsa na da kalsiyam kashi 3.8. Lokacin hunturu kowace kaza tana cin kamar giram 115, ke nan tana samun giram 4.4, babu matsala. Afrilu ya shigo, zafi ya sa cinta ya sauka zuwa giram 90, kalsiyam ɗin ya koma giram 3.4. Tun a nan an fara cin bashi. Sai kuma ya riƙa haɗa buhu uku na abinci da buhu ɗaya na dusa. Dusa ba ta da wani kalsiyam na kirki, don haka abin da kazar ke samu ya faɗo ƙasa da giram 3. Kuɗin da ya ga ya rage a buhu, shi ne yake sharewa da tsintsiya kowace safiya.

Gyaransa a daina sirki, sannan a ƙara ɓarzajjen dutsen laimiston ko ɓawon kawa, masu ɗauke da kalsiyam, kamar giram 3 ga kowace kaza. Kaji 500 ke nan kilo ɗaya da rabi a rana. In dai kalsiyam ne matsalar, cikin 'yan kwanaki zuwa mako guda za a ga ɓawo ya fara ƙarfi. A kula, laimiston na abincin dabbobi ake nufi, ba farar ƙasar da ake shafa wa gini ba, wadda ke ƙona baki da maƙogwaro.

Akwai kuma wanda zai ce ai yana ƙarawa, amma bai ga canji ba. Tambayar da zan yi masa ita ce: da wane lokaci, kuma gari ne ko tsaki? Ƙwai yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala a cikin kaza, kusan awa 20 daga ciki ɓawo ake ginawa, kuma mafi yawan aikin da dare ake yin sa, lokacin da kazar ba ta cin komai. Laimiston da aka niƙa ya yi laushi kamar fulawa, aka bayar da safe, kafin magariba ya narke ya wuce. Mai tsaki-tsaki kuwa, kamar girman ƙwayar dawa, yana zama a ƙundu yana narkewa a hankali har tsakar dare. Saboda haka a barbaɗa shi kan abincin la'asar, kuma ya zama akalla rabinsa mai tsaki ne.

Zafi yana da wata ɓarna bayan rage ci. Idan ɗaki ya haura digiri 30, kaza takan buɗe baki tana haki, tun da ba ta yin gumi. Hakin nan yana fitar da iskar kabon daga jininta fiye da kima, ita kuwa wannan iska da ita jiki ke samar da kabonet ɗin ɓawo. To ga kalsiyam a ciki, amma babu abokin haɗinsa. A nan ƙarin laimiston kaɗai ba zai wadatar ba. A ba da abinci da sanyin asuba da kuma yamma, a bar tsakar rana ga ruwa. Tankin ruwa ya zama a inuwa, don kaji ba sa son ruwan da rana ta dafa. A shimfiɗa ciyawa ko zana a kan kwanon rufi, a buɗe gefen ɗaki iska ta ratsa, a rage cunkoso. Sodar da ake sa wa a burodi ma tana taimakawa, kamar kilo 2 zuwa 3 a tan ɗaya na abinci. Kada a musanya ta da kanwa.

Masu haɗa abinci da kansu suna da nasu tarkon. Wasu sukan cika garin ƙashi, suna ganin ai ƙashi ne, zai ƙarfafa ɓawo. Garin ƙashi yana zuwa da fosforas mai yawa, shi kuma idan ya wuce kima ɓawon yake ɓatawa. Haka firimis, wato haɗin bitamin da sinadaran da ake sawa a abinci, da ya kwana biyu a shago mai zafi ko wa'adinsa ya wuce, bitamin D3 da ke ciki ya yi rauni, ba tare da shi ba kuwa hanji ba ya iya ɗaukar kalsiyam. Masara mai fumfuna ma tana taɓa hanta, ɓawo ya lalace.

Yaya za a gane cuta ce? Matsalar abinci da zafi a hankali take shigowa, kaji suna nan da kuzarinsu, launin ƙwai bai canza ba. Cuta kuwa farat ɗaya take zuwa: yawan ƙwai ya faɗi cikin kwana kaɗan, jan ƙwai ya koɗe ya yi fari, wani ya fito a yamutse ko a karkace. Idan ka fasa ka ga farin ya tsinke kamar ruwa, ga kaji suna atishawa da gurnani da dare, a yi zargin murar kaji mai kama maƙogwaro. Idan akwai koren kashi, murɗewar wuya da mace-mace, cutar Niyukasal ce ake tsoro, sai a duba yaushe rabon da a yi rigakafinta na Lasota. Wannan aikin likitan dabbobi ne, laimiston ba ya maganinsa, haka ma zuba kashe-ƙwayoyin cuta barkatai, tun da ba sa kashe bairos. Wasu magungunan dangin salfa ma da kansu suke siranta ɓawo.

Saura shekaru. 'Yan matan kaji da suka fara ƙwai sukan jefo mai taushi jefi-jefi a makonnin farko, yana wucewa da kansa. Tsofaffi kuwa, daga wajen mako 60 zuwa sama, ƙwansu yana ƙara girma amma yawan ɓawon bai ƙaru ba, kamar a miƙe zane ɗaya a kan gado mafi faɗi. Ƙarin laimiston na yamma da kwasar ƙwai sau uku a rana suna rage asara. Amma idan kiret na fasassu ya fara cinye ribar, lokacin sayar da su ya yi, gara a daidaita shi da gabatowar salla, sa'ad da tsohuwar leya take da kasuwa.