Darasi na Bakwai: Dalilin Faɗuwar Farashin Takardar Lamuni Idan Kuɗin Ruwa Ya Hau

Wanda ya saka kuɗinsa a asusun haɗaka na takardun lamuni, wato inda mutane ke haɗa kuɗi manaja ya saya musu takardun rance, yakan ga wani abu da ke ɗaure masa kai. An gaya masa gwamnati ce ake bai wa rancen, kuma gwamnati tana biya a kan lokaci. Sai ga saƙo ya shigo waya, kuɗin da ya zuba ₦500,000 ya koma ₦460,000. Ba wanda ya taɓa masa ko kwabo, gwamnati ma ba ta fasa biya ba. Wannan darasi zai nuna inda ₦40,000 ɗin ya shiga, da yadda mutum zai ƙiyasta irin wannan ragi tun bai faru ba.

Takardar lamuni alkawari ne a rubuce. Ka ba da rancen kuɗi, za a riƙa ba ka wani adadi tsayayye a kowace shekara, ranar da wa'adi ya cika a mayar maka da uwar kuɗinka. Na Gwamnatin Tarayya, Ofishin Kula da Basussuka da aka kafa a shekarar 2000 ne ke fitar da su, kuma ana biyan masu riƙe da su sau biyu a shekara. Adadin da aka rubuta a takardar ba ya canzawa har wa'adi ya cika. Farashin da wani zai yarda ya saye ta a hannunka yau kuwa, kullum a cikin motsi yake.

Da yawa daga cikinmu a nan Zamfara ba sa hulɗa da kuɗin ruwa, sukuk suke saya, irin wanda Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a 2017 na naira biliyan 100 don gina hanyoyi. Hukuncin halacci na malamai ne, a je gare su. Amma kada mai sukuk ya ce darasin bai shafe shi ba. Kuɗin hayar da sukuk ke biya shi ma tsayayye ne, don haka farashinsa a kasuwa yana hawa da sauka bisa wannan lissafin.

Yadda farashi ke sauka

A ce kana da shago a kasuwar Gusau, ka ba da shi haya na shekara 10 a kan kuɗi tsayayye, an sa hannu. Bayan wata shida hayar shaguna ta tashi a layin gaba ɗaya. Idan ka so sayar da shagon, mai saye zai ce sai ka rage masa, domin zai gaji ɗan haya mai biyan tsohon farashi har shekara tara da rabi. Da a ce saura wata uku yarjejeniyar ta ƙare, ragin da zai nema kaɗan ne. Haka takardar lamuni take, kuma tsawon lokacin da ya rage shi ne ke yanke girman ragin.

Mu ɗauki takardar ₦100,000 mai biyan kashi 15 cikin 100, wato ₦15,000 a shekara, saura shekara 3 wa'adinta ya cika. Don sauƙin lissafi mu ce sau ɗaya ake biya a shekara. Sai sababbin takardu suka fito suna biyan kashi 20. Ba wanda zai ba ka ₦100,000 ya karɓi ₦15,000 a shekara alhali zai iya samun ₦20,000 a wani wuri. Zai ba ka kuɗin da zai sa shi ma ribarsa ta kai kashi 20.

Ga yadda zai lissafa. ₦15,000 da zai karɓa bayan shekara ɗaya, zai raba shi da 1.2, wato ɗaya da ƙarin kashi 20 cikin 100, ya samu ₦12,500. Na shekara ta biyu zai raba da 1.2 sau biyu, ya samu ₦10,417. A shekara ta uku zai karɓi ₦115,000, uwa da riba, ya raba da 1.2 sau uku, ya samu ₦66,551. Idan an haɗa ukun, ₦89,468 ke nan. Takardarka ta rasa fiye da ₦10,000 a kasuwa, ko da yake wanda ya yi maka alkawari bai saɓa ba.

Da saura shekara 1 ne kawai, farashin zai tsaya a ₦95,833. Da saura shekara 10 ne, zai gangaro zuwa wajen ₦79,000. Takarda iri ɗaya, hawan kuɗin ruwa iri ɗaya, amma asarar wata ta ninka ta wata sau biyar. Idan kuɗin ruwa sauka ya yi, lamarin juyawa yake: mai doguwar takarda shi ne zai fi kowa samun ƙari.

Lambar da ke auna haɗarin

Asusun haɗaka ba takarda ɗaya yake riƙewa ba. Yana iya riƙe ashirin ko talatin, kowace da wa'adinta, ba za ka zauna ka lissafa su ɗaya bayan ɗaya ba. Shi ya sa ake tattara su a lamba guda, wadda za mu kira tsawon jira. Wani masanin tattalin arziki ɗan Kanada mai aiki a Amurka, Frederick Macaulay, shi ya fito da wannan awo a 1938. Ma'anarsa ita ce matsakaicin lokacin da kake jira kuɗinka su dawo hannu, idan aka ba kowane biya nauyi gwargwadon darajarsa ta yau.

Mu koma kan takardarmu ta shekara 3, lokacin da kasuwa take kan kashi 15. Darajar biyan farko a yau ₦13,043 ce, na biyu ₦11,342, na uku ₦75,614. Ka ninka na farko da 1, na biyu da 2, na uku da 3, ka haɗa, ka raba da ₦100,000. Za ka samu 2.63. Wa'adin shekara 3 ne, amma tsawon jiran shekara 2.63 ne, saboda wani ɓangare na kuɗin yana dawowa tun kafin ƙarshe. Idan ka raba 2.63 da 1.15, wato ɗaya da ƙarin kashi 15 na kasuwa, za ka samu wajen 2.3, kuma wannan lamba ta biyu ita ce ake aiki da ita. A takardar bayanin asusu ko a manhajar waya, inda kamfanin ya bayyana ta, za ka ga an rubuta Modified Duration.

Amfaninta mai sauƙi ne. Duk maki ɗaya da ribar takardu ta hau a kasuwa, misali daga kashi 15 zuwa 16, farashi zai sauka da kashi daidai da wannan lamba. Takardarmu mai 2.3 ya kamata ta sauka da wajen kashi 2.3. Idan aka yi cikakken lissafi a kan kashi 16, farashin ₦97,754 ne, ƙiyasin ya kusa sosai. Takardar shekara 10 mai kashi 15 kuwa lambarta wajen 5 ce.

Yanzu ₦40,000 ɗin nan ya fito fili. Asusun yana da lamba 4, ribar takardu a kasuwa ta hau maki 2, daga kashi 16 zuwa 18. Huɗu sau biyu takwas. Kashi 8 na ₦500,000 shi ne ₦40,000.

Irin wannan hawan ba tatsuniya ba ce a ƙasar nan. A farkon 2022 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya kashi 11.5 ne. A Yulin 2023 ya kai 18.75, a Nuwamban 2024 ya kai 27.5. Sai dai a kula, ba lambar Babban Banki ake ninkawa ba. Ribar da ake cinikin takardun da ita a kasuwa ake dubawa, ita kuwa ba ta bin Babban Banki maki da maki. Wani lokaci tana riga shi motsawa, domin 'yan kasuwa sun riga sun hango matakin, wani lokaci ta gajerun takardu ta hau sosai ta dogaye ta ɗan gusa kawai.

A sayar ko a jira?

A ganina nan ne mutane suka fi cutar da kansu. Mai riƙe da takarda guda yana da ranar da za a mayar masa da uwar kuɗinsa cif. Asusun haɗaka ba shi da wannan ranar, domin da zarar wata takarda ta cika sai manaja ya sayi sabuwa. To amma abin da ya jawo ragin shi ne kuma ke cike shi, tunda daga yanzu kuɗin yana samun kashi 18 maimakon 16.

Mu gwada. Da ba abin da ya canza, ₦500,000 a kan kashi 16, ana mayar da riba ciki, zai kai wajen ₦1,050,000 bayan shekara 5. ₦460,000 a kan kashi 18 zai kai wajen ₦1,052,000 a wannan lokacin. Wato wanda ya yi haƙuri na kimanin tsawon jiran asusun, ko ɗan fiye da haka, ya cim ma inda da zai kasance, muddin kuɗin ruwa bai sake hawa ba. Wanda ya firgita ya sayar a watan farko ya tafi da asarar ₦40,000 a aljihunsa.

Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci ita ce yaushe kake buƙatar kuɗin. Idan na taki da iri ne kafin damina mai zuwa, ko na auren 'yarka bayan Sallah, asusu mai lamba 4 ko 5 ba wurinsa ba ne, nemi wanda lambarsa ba ta kai 1 ba. Idan kuɗin sallama ne da ba za ka taɓa ba sai bayan shekara shida ko bakwai, kana iya jure girgizar.

Inda lambar ke gazawa

Ƙiyasin yana aiki da kyau idan motsin ƙarami ne. Idan babban hawa ne yakan zarce gaskiya: a hawan maki 5, lamba 2.3 ta ce asarar kashi 11.5 ce, amma mun ga ta tsaya a wajen kashi 10.5. Lambar ba ta cewa komai game da kamfanin da zai kasa biyan bashinsa, kuma ba ta auna tsadar kaya. Ribar kashi 18 a shekarar da farashin masara da gero ya hau kashi 30 raguwa ce a kwanon abinci. Sannan akwai ladan da manajan asusu ke cirewa kowace shekara, wanda ba mu saka a lissafinmu ba.

Abu na ƙarshe, wasu asusai ba sa rubuta darajar takardunsu bisa farashin kasuwa na ranar, bisa farashin da suka saya suke lissafi. Alamarsa ita ce ka ga kuɗinka yana hawa kaɗan-kaɗan kullum, bai taɓa sauka ba ko a watan da kasuwa ta girgiza. Haɗarin yana nan, ɓoye shi kawai lissafin ya yi. Ka tambayi ma'aikacin da ya buɗe maka asusun wace hanya suke bi, nawa ce lambar tsawon jiransu, kuma ka tabbatar asusun yana da rajista da Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari.

Aikin gwaji

Wata malama a Talata Mafara tana da ₦200,000 a asusun sukuk mai lamba 3. Ribar kasuwa ta sauka daga kashi 19 zuwa 17. Kuɗinta zai ƙaru ne ko zai ragu, kuma da wajen nawa? Idan ribar hawa ta yi zuwa kashi 20, nawa zai rage mata? Ku yi lissafin a littafinku, ku kawo a zama na gaba.