Monitar da ka tsinta ba ta lalace ba, lissafin ɗigonta ne bai daidaita ba

Cikin kayan da sabon zuwa Turai ke fara nema bayan katifa da tukunya akwai monita, domin cike takardun hukuma da aikin makaranta a kan ƙaramin allon laftof yana gajiyar da ido. Ba ta da wuyar samu. A Jamus ana sayar da na hannu da araha a shafin intanet na Kleinanzeigen, wani lokaci ma ka tarar an ajiye ta a ƙofar gida an rubuta "zu verschenken", wato kyauta ce. A Birtaniya akwai Gumtree, a Faransa akwai Leboncoin. Sai mutum ya kawo ta ɗaki ya jona, ya ga rubutu ya yi dishi-dishi kamar an shafa masa man kaɗe, fuskokin mutane sun yi faɗi, ya ce an cuce shi. Galibi lafiyarta ƙalau.

Allon monita irin na yanzu kamar gurbin dara yake: ramukansa a ƙidaye suke, ba sa ƙaruwa ba sa raguwa. Kowane rami ɗigo ɗaya ne, shi ake kira fiksil. Monitar da aka ce 1920×1080 ce tana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, jimla 2,073,600. Wannan adadin shi ne rizolushan ɗinta na asali. Idan kwamfuta ta aiko da hoto mai wannan adadin daidai, kowane ɗigo sai ya faɗa gurbinsa, layin harafi ya fito siriri, baƙi wuluk. Idan ta aiko da wani adadi dabam, dole monitar ta shimfiɗa shi ta cike guraben da kanta.

Ɗauki monita mai inci 24, 1920×1080, wadda aka bari a kan 1366×768. Raba 1920 da 1366, za ka samu kusan 1.4. Kenan kowane ɗigo na hoton yana neman gurbi ɗaya da ɗan guntun na kusa da shi. Gurbi kuwa ba ya rabuwa, launi ɗaya yake nunawa a lokaci guda. Abin da monitar ke yi shi ne ta gauraya: inda baƙin harafi da farin takarda suka haɗu a gurbi ɗaya, sai ta ba da ruwan toka. Matsa kusa da allon ka dubi harafin "l" ko "i". Za ka ga maimakon sanda ɗaya baƙa, akwai inuwa mai toka-toka a gefenta, wani harafin ya fi ɗan'uwansa kauri alhali iri ɗaya ne. Wannan inuwar ce ke sa ido ya yi ta ƙoƙarin kama abin da ba ya kamuwa.

Miƙewar hoto kuma dalilinta dabam ne. Da a ce an sa wa monitar nan 1280×1024, wanda na tsofaffin monitoci ne masu kusan murabba'i, a kwance za a ja hoton ninki 1.5, a tsaye kuwa kusan 1.05 kawai. Faɗi ya ci gaba, tsayi ya tsaya. Shi ya sa da'ira ke komawa ƙwai. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce ka dubi duk wani tambari da ka san zagayayye ne. In ya kwanta, siffar allon da ta hoton ba su dace ba. Wasu monitocin ba sa ja, sai su bar baƙin fili hagu da dama. Ciwon ɗaya ne.

Gyaran ba ya cin minti biyu. A Windows, danna maɓallin dama na linzami a kan filin allo, ka zaɓi Display settings. Idan allo biyu ne, fara danna hoton wanda kake son gyarawa, domin nan ne mutane suka fi yin kuskure, su gyara na laftof su bar monitar yadda take. Sauka zuwa Display resolution ka zaɓi wanda aka rubuta Recommended a gefensa, sannan ka danna Keep changes. In allon ya yi baƙi kada ka taɓa komai, bayan daƙiƙa 15 zai koma yadda yake. Kwamfutar wurin aiki ko ta hannu za ta iya zuwa da harshen ƙasar: a Jamusanci Anzeigeeinstellungen za ka nema, kalmar kuma empfohlen, a Faransanci Paramètres d'affichage da recommandé. Don ka tabbatar, juya bayan monitar, akwai takarda a manne mai lambar samfurinta. Bincika lambar a intanet za ka ga adadinta na gaskiya.

To, me ke sa mutane su rage shi tun farko? Rubutu ne ya yi musu ƙanana. Matsalar gaskiya ce, amma maganin ba shi ba ne. A wannan shafin dai akwai Scale. Bar rizolushan a na asali, ka mai da Scale 125% ko 150%. A nan Windows ce ke sake zana kowane harafi da girma, da ɗigo masu yawa, don haka ya girma kuma ya fito tas. Monita mai inci 24 ta 1920×1080 yawanci 100% ya ishe ta. Mai inci 27 ta 3840×2160 kuwa 150% ta fi daɗin karatu. Wasu tsofaffin manhajoji kan yi ɗan dishi bayan canjin, rufe su ka sake buɗewa, ko ka fita daga asusunka ka dawo.

Wani lokaci ka buɗe jerin ka tarar adadin da kake nema babu shi sam. Fara da danna `Win + P`, wato maɓallin mai tambarin Windows tare da P. Idan yana kan Duplicate, wato hoto ɗaya a allo biyu, allunan biyu dole su yi tarayya a adadi ɗaya, kuma laftof mai 1366×768 zai janyo babbar monitar zuwa matakinsa. Zaɓi Extend ko Second screen only. In bai yi ba, buɗe Device Manager ka duba Display adapters. Ganin Microsoft Basic Display Adapter na nufin ba a sa direban katin hoto ba, wato manhajar da ke sarrafa shi, sai ka bar Windows Update ta sauko da shi. Saura kebul. Ta cikinsa ne monita ke gaya wa kwamfuta adadinta, kuma adafta mai arha ko kebul mai lanƙwasasshen fil kan hana saƙon isa. Tsohon HDMI 1.4 yana ɗaukar 3840×2160, amma sau 30 kawai yake sabunta hoto a daƙiƙa, sai ka ga linzami yana tafiya da ƙyar.

Kebul ɗin VGA, mai shuɗin kai da sukurori biyu, yana da nasa hali. Ko adadi ya daidaita, rubutu kan yi rawa ko ya yi inuwa. Nemi maɓallin Auto a jikin monitar ka danna, za ta ɗan girgiza ta daidaita kanta. In akwai ramin HDMI ko DisplayPort ko DVI, koma can, kuɗin kebul ɗin bai kai wahalar ba. Wanda kuma ya jona talabijin a madadin monita ya ga gefen allo ya yanke, talabijin ɗin ne ke ƙara girman hoto. A saitin girman hoto nemi Just Scan in LG ce, ko Screen Fit ko Fit to Screen in Samsung ce.