Yadda ake jona rauta ta biyu a bayan ta farko ba tare da adireshinsu ya yi karo ba

Wani ƙanena yana da shagon buga takardu da fotokofi a unguwar Yelwa a Garwa, gidansa kuma yana bayan shagon. Rautarsa mai sim tana shago, amma kafin wayifai ya ratsa katanga biyu ya kai tsakar gida ya riga ya mutu. Sai ya sayi rauta ta biyu, ya ja kebul daga shago zuwa gida, ya jona. Fitilu duk sun kama, wayoyin gida sun ga wayifai sun shiga, amma ko saƙo ɗaya bai fita ba. Da ya kira ni cewa ya yi, "Yaya, jabu aka sayar mini." Na ce masa kada ya ɗauki zunubin mai kaya tukuna, ya juya rautocin biyu ya karanta mini abin da ke rubuce a ƙasansu. Dukansu `192.168.0.1` ne.

A nan matsalar take. Rauta ta biyu fuska biyu gare ta: kafar da aka rubuta wa `WAN` tana kallon waje, wato rauta ta farko, kafofin `LAN` da wayifai kuma suna kallon gida. Aikinta shi ne ta duba adireshin kowane saƙo ta gane na gida ne ko na waje. A irin saitin da rautocin gida suke zuwa da shi, wato `255.255.255.0`, lambobi uku na farko su ne sunan unguwa, ta huɗu kuma lambar gida. To idan ciki `192.168.0` ne, waje ma `192.168.0` ne, ta zama mai babur da aka ce ya kai kaya Yelwa alhali Yelwa biyu ce a garin. Abin ma ya fi haka muni, don ƙofar fita da ta farko ta ba ta ita ce `192.168.0.1`, wanda shi ne adireshinta na kanta. Wasu sababbin rautoci suna gane wannan su sauya da kansu, amma ta ƙanena ba ta cikinsu.

Ga yadda muka gyara. Da farko ka san adireshin ta farko da gaske, don wanda ya saita ta zai iya kasancewa ya sauya abin da ke kan takardar ƙasanta. Haɗa kwamfuta mai Windows da ita, ka buɗe `cmd`, wato baƙar tagar da ake rubuta umarni, ka buga:

```
ipconfig
```

Layin da ke cewa `Default Gateway`, ko `Passerelle par défaut` idan kwamfutar da Faransanci take kamar yawancin namu, shi ne adireshin. Rubuta shi a takarda.

Sai ka cire kebul ɗin da ke tsakanin rautocin biyu. Wannan matakin ne mutane suke tsallakewa, su ɓata awa guda suna sauya saitin ta farko suna zaton ta biyu suke taɓawa, tunda adireshi ɗaya ne yake buɗe su. A bar ta biyu ita kaɗai, a jona kwamfuta a ɗaya daga kafofinta na `LAN`, a kashe wayifan kwamfutar. Idan rautar ta hannu ce, danna ɗan maɓallin `Reset` da tsinke na kimanin daƙiƙa goma don ta manta saitin mai ita na da.

Buɗe burauza, rubuta adireshinta, shiga da kalmar sirrin da ke jikinta, ka nemi shafin `LAN`, yawanci a ƙarƙashin `Network` ko `Réseau`. A nan za ka sauya adireshin, kuma lamba ta uku ce za ka sauya. Na sha ganin wanda ya mayar da ta biyu `192.168.0.2` ya ce ai yanzu sun bambanta. Gida ya sauya, unguwa tana nan, kuma karon yana nan. Mu `192.168.5.1` muka sa.

Me ya sa biyar, ba ɗaya ba? Ɗaya ma za ta yi aiki yau. Amma 0 da 1 su ne rautoci suka fi zuwa da su daga kamfani, masu sim na Huawei da yawa kuma da `192.168.8.1` suke zuwa, wasu na fayiba da `192.168.100.1`. Mu nan da mutum yake sauya layi da rauta duk sanda netwok ɗin wani ya fi na wani, gara ka zaɓi lambar da ba kowa ke zuwa da ita ba, don ranar da aka sauya ta shago kada a dawo 'yar gidan jiya. Kada dai ka ƙirƙiro adireshi daga kanka. Ka bar `192.168` yadda yake, ka zaɓi ta uku tsakanin 0 da 255.

Da ka ajiye, shafin zai ɓace. Ba lalacewa ta yi ba, ta koma sabon adireshi ne. Cire kebul ɗin kwamfuta ka mayar, ka shiga da `192.168.5.1`. Duba shafin `DHCP`, wato inda take raba wa wayoyi adireshi: a bar shi a kunne, kuma ya bi sabuwar unguwa, misali daga `192.168.5.100` zuwa `192.168.5.199`. A shafin `WAN` zaɓi `Dynamic IP` ko `DHCP`. Ba wa wayifanta suna daban da na shago, kuma idan wayifan ta farko yana tasha ta 1, wato `Channel` ko `Canal` a shafin wayifai, sa na ta biyu a 6 ko 11.

Yanzu ne za ka mayar da kebul, daga kafar `LAN` ta rauta ta farko zuwa kafar `WAN` ta ta biyu. Kada tsawonsa ya wuce mita 100, kuma idan zai bi ta kan katanga a zura shi cikin bututu, don ranar Garwa ta watan Maris ba ta barin roba lafiya.

A shafin farko na ta biyu ya kamata ka ga `WAN` ya samu adireshi irin `192.168.0.101`. Idan sifili ne duka, `0.0.0.0`, to a tuhumi kebul ko kafar da aka soka shi. Daga kwamfutar gida kuma gwada:

```
tracert -d 8.8.8.8
```

Layi na farko `192.168.5.1`, na biyu `192.168.0.1`. Idan ka ga haka, saƙo yana bin hanyarsa.

Saura abu ɗaya da ya kamata a yi tunaninsa kafin a ja kebul. Wanda ke bayan ta biyu yana iya isa ga na'urorin da ke kan ta farko idan ya san adireshinsu, amma na kan ta farko ba ya iya leƙa bayan ta biyu. Wannan ya yi wa ƙanena daidai: masu zuwa shago suna kan ta farko, ba su ganin wayoyin iyalinsa. Da a ce akasin haka ya jera su, baƙi a baya, gida a gaba, da bai rufe komai ba. Sai dai firintar shago ba ta bayyana da kanta a kwamfutar gida, domin irin kiran da na'urori suke yi don su gano juna ba ya ƙetare rauta. Muka ba firintar tsayayyen adireshi, `192.168.0.50`, wanda ba ya cikin jerin da ta farko take rabawa, muka shigar da shi da hannu a kwamfutar gida. Yanzu da daddare daga ɗaki yake tura aiki, da safe yaron shago ya kwashe takardu.